Yadda Ake Rubuta Gajeren Labarin Sabon Ma'aikacin da Ke Cin Abinci Shi Kaɗai

Labarin sabon ma'aikaci da ke cin abincin rana shi kaɗai, har wani abokin aiki ya zo ya ja shi da hira, ba shi da faɗa, ba shi da mutuwa, ba shi da kishiya. Abin da ke cikinsa bai wuce mutum biyu da kwano ɗaya da 'yar magana ba. Shi ya sa yake saurin lalacewa a hannun marubuci. Idan ya ga abin ya yi masa kaɗan sai ya cusa soyayya ko makircin ofis, idan kuma ya bar shi haka sai ya fito lami, babu abin da zai riƙe mai karatu. Za mu ɗauki misali guda mu bi shi tun daga tsari har gyara: Sagir, ɗan Zariya mai shekara 26, wanda aka ɗauka aikin akawu a wani kamfanin rarraba kaya a Kano, da Malam Tanimu mai kula da sito, wanda ya ba hamsin baya.

Mataki na farko: warware matsalar gaisuwa da tayi

Kafin ka rubuta layi ɗaya, akwai tambayar da mai karatu Bahaushe zai yi maka a zuciyarsa: ta yaya mutum zai yi kwana da kwanaki a ofis ba wanda ya kula shi? A wurinmu ba a wuce mutum ba a gaishe shi ba. Mai cin abinci kuma ba ya kai loma baki yana ganin wani bai ce masa bismillah ba. Idan ka rubuta cewa Sagir ya shigo kowa ya kau da kai, mai karatu ba zai yarda ba, ko kuma ya ɗauka cewa akwai gaba a tsakani, ya zauna jiran bayanin da ba za ka taɓa ba shi ba.

Mafita ita ce ka bar gaisuwar da tayin a wurinsu, ka gina kaɗaicin a cikinsu. Kowa yana gaishe da Sagir. Maigadi ya ce masa sannu da zuwa, masinja ya tambaye shi gajiya, akanta ya ce yaya baƙunta. Duk wanda ya wuce da leda a hannu ya ce masa bismillah, shi kuma ya amsa da alhamdulillahi, a ci lafiya. Amma duk waɗannan maganganu amsarsu a shirye take tun kafin a furta su, kuma mai yin su ba ya tsayawa. Sagir yana samun gaisuwa sau ashirin a rana, bai samu hira ko sau ɗaya ba. Wannan rata da ke tsakanin gaisuwa da hira ita ce labarin gaba ɗaya, kuma duk shawarar da za ka yanke nan gaba daga nan za ta fito.

Ka tuna kuma da sallah. A yawancin ofisoshin Kano hutun rana yana haɗe da azahar, wajen ƙarfe ɗaya zuwa biyu. Sagir zai tsaya a sahu kafaɗa da kafaɗa da mutanen nan, a yi sallama, a yi musabaha, sannan a watse rukuni-rukuni zuwa wajen mai abinci, shi ya koma teburinsa. Wannan mintin na sanya takalma a ƙofar masallaci ya fi kowane wuri nuna halin da yake ciki, domin a nan ne kowa yake jiran wani, shi kuwa ba mai jiransa.

Ranar ma sai an zaɓa. Juma'a ba ta dace ba, saboda ana tashi da wuri a tafi masallaci. Litinin da Alhamis mutane da yawa suna azumin nafila, don haka idan aka ga mutum bai fito cin abinci ba za a yi masa wannan zato a ƙyale shi. Watan azumi kuwa babu labarin ma sam. Talata ko Laraba ta fi.

Mataki na biyu: ba shi dalilin da za a iya taɓawa da hannu

Kunya kaɗai ba ta isa dalili ba. Idan ka ce Sagir mai kunya ne shi ke nan, laifin ya koma kansa, mai karatu ya ce to ya tashi ya bi su mana. Ana bukatar wani abu na zahiri da ya tsare shi a kujera.

Ga wanda ya fi aiki a irin wannan wuri. Sagir ya fara aiki ne a farkon wata, albashin farko bai shigo ba. Yana zaune a gidan yayarsa a Kurna, kuɗin hannunsa na mota ne kawai. Ma'aikatan kamfanin suna cin abinci a rumfar wata mai abinci a bakin ƙofa, kuma tana da littafin da take rubuta bashi, a biya ta ƙarshen wata. Ba ta rubuta sunan wanda ba ta sani ba. Saboda haka Sagir yana zuwa da abincinsa a kula daga gida, shinkafa da wake da mai da yaji, wani lokaci ɗumamen jiya. Ba ya son buɗe kular a gaban masu cin shinkafa da miya da nama, ba ya kuma son ya bi su ya zauna a saya masa.

Wannan dalili yana yi maka aiki ta fuska biyu. Ya wanke sauran ma'aikatan daga laifi, domin ba su san halin da yake ciki ba. Ya kuma ba ka kayan aiki: kula, cokali, ƙullin yaji, littafin bashi. Gajeren labari da abubuwa irin waɗannan ake tafiyar da shi. Kada ka wuce uku ko huɗu, kuma duk wanda ka ambata a farko ka tabbata ya yi wani amfani a gaba. Idan ka bayyana fankar ofis da labule da kalandar bango alhali ba abin da za su yi, kalmomi kawai ka ɓatar.

Kada ka faɗi dalilin gaba ɗaya a sakin layi na farko. Ka nuna yana lissafin kuɗin mota, ka nuna ya hango littafin, mai karatu zai haɗa sauran.

Mataki na uku: wa zai zo?

A nan ne mafi yawan irin waɗannan labarai suke sauka daga kan hanya. Idan sabon ma'aikacin saurayi ne, wadda ta zo masa da hira kuma budurwa ce, to labarin ya zama na soyayya ko ka so ko ba ka so. Masu karatun Hausa sun saba da wannan tsari ƙwarai, daga sallamar farko za su fara lissafin lefe. Idan ba can ka nufa ba, ka sa su zama jinsi ɗaya, ko kuma ka sa tazarar shekaru mai yawa.

Oga ma bai dace ba. Idan manaja ne ya zo, Sagir zai miƙe tsaye, ya rufe kula, ya riƙa cewa ranka ya daɗe, kuma hirar ta koma tambayar aiki. Sa'ansa kuwa, wanda suke ofis ɗaya, yana jawo tambayar me ya hana shi magana tun tuni. Wanda ya fi dacewa shi ne mutumin da ya girme shi a shekaru amma bai fi shi muƙami ba: mai kula da sito, tsohon direba, masinjan da ya daɗe. Irin wannan mutum yana da ikon fara magana saboda girmansa, ba shi da ikon da zai sa a ji tsoronsa.

Shi ma Malam Tanimu sai ka ba shi dalilin kasancewa a wurin. Ba mala'ika ba ne da aka aiko don ya faranta wa baƙo rai. A misalinmu likita ya hana shi abincin waje saboda hawan jini, uwargidansa tana dafa masa marar gishiri sosai, shi kuma ya gaji da shi. Yana cin nasa a sito. Ka ga shi ma shi kaɗai yake ci, ko da yake kowa ya san shi. Wannan ba sai ka bayyana shi da bakinka ba, zai fito a cikin hirar.

Ka daidaita yadda za su kira juna tun yanzu, ka rubuta a gefe don kada ka manta. Sagir zai ce masa Malam, kuma zai yi amfani da "ku" a farko. Malam Tanimu zai ce masa samari ko Malam Sagir, da "kai". Idan a tsakiyar labari Sagir ya koma cewa Baba, to wannan sauyi ne mai ma'ana, ka yi shi da gangan kuma sau ɗaya.

Mataki na huɗu: raba kalmomi kafin ka fara

Irin wannan labari ba ya ɗaukar tsawo. Kalmomi 1,000 zuwa 1,500 sun ishe shi, kuma wannan ne tsawon da gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta saba nema. Mu ɗauki 1,200. Ka ba buɗewa da fitowa daga masallaci kimanin 150. Zaman kaɗaici da waiwayen kwanakin baya su ɗauki 300. Hirar ta ɗauki 600, wato rabin labarin. Abin da ya rage, 150, na rufewa ne.

Alamar cewa rabon ya karkace ita ce ka kai kalma 700 Malam Tanimu bai shigo ba. Wannan yana faruwa ne idan marubuci ya fara daga asuba: Sagir ya tashi, ya yi wanka, ya tari adaidaita, ya tuna yadda ya sha wahalar neman aiki bayan hidimar ƙasa. Duk wannan a yanke. Labarin hutun rana ɗaya ne, abin da bai kai awa guda ba. Kwanakin da suka gabata sakin layi ɗaya ya ishe su.

Mataki na biyar: rubuta kaɗaicin ba tare da kiran sunansa ba

Ga yadda rubutun farko yakan fito:

"Sagir ya ji kaɗaici ya lulluɓe shi, zuciyarsa ta yi ƙunci matuƙa, ya ji kamar ya fashe da kuka saboda babu wanda ya damu da shi a wannan ofis."

Jumlar ta gaya wa mai karatu abin da zai ji, ba ta ba shi abin da zai gani ba. Ta kuma yi wa lamarin girman da bai kai ba, domin namiji mai shekara 26 ba ya kuka don ya ci abinci shi kaɗai. Abin da yake yi shi ne dabarun ɓoye halin da yake ciki, kuma waɗannan dabaru su ne za ka rubuta:

"Ya bari sai da hayaniyarsu ta kai bakin ƙofa, sannan ya jawo kular daga ƙarƙashin tebur. Bai ɗora ta a sama ba. Ya buɗe durowa ta ƙasa ya ajiye ta a ciki, ya bar fayil ɗin rasit a buɗe a gabansa, yadda duk wanda ya leƙo zai ga mai aiki. Ya kwance ƙullin yajin da Yaya Asabe ta sa masa, ya barbaɗa rabi, ya ƙulle sauran saboda gobe. Yana ci yana taɓa waya, ko da yake datarsa ta ƙare tun shekaranjiya."

Kalmar kaɗaici ba ta fito ba, amma kular da ke cikin durowa ta faɗe ta. Rabin yajin da ya ajiye ya faɗi halin aljihunsa, kuma ya tanadar maka abin da Malam Tanimu zai nema. Wayar da ba data ta nuna yana yin kamar yana da abin yi.

Ka ƙara sauti guda ɗaya daga waje, kamar dariyar da ke tashi daga rumfar mai abinci, ko wani yana kiran a ƙaro miya. Guda ɗaya tak. Idan ka maimaita dariyar sau uku, sai ta zama kamar da shi ake yi, kuma mun riga mun ce ba gaba a labarin.

Waiwayen kwanakin baya ya zo a nan, a taƙaice: ranar farko an yi masa tayi ya ce ya ƙoshi, rana ta biyu ya ce akwai aikin da zai ƙarasa, daga rana ta uku aka daina nacewa. Wannan jerin yana da amfani domin ya nuna da hannunsa ya rufe ƙofar ba tare da ya nufa ba, abin da kusan duk wanda ya taɓa yin baƙunta zai gane.

Mataki na shida: maganar farko

Layin da ya fi kowane wahala a labarin shi ne abin da Malam Tanimu zai fara faɗa bayan sallama. Akwai hanyoyi uku da hannu yake saurin kaiwa gare su, kuma duka ba sa aiki.

Ta farko ita ce tausayi: "Samari, me ya sa kullum kake zama kai kaɗai?" Wannan tona asiri ne. Sagir zai ce babu komai, Malam, ya rufe durowa, hira ta mutu. Ta biyu ita ce kyauta: ya zo masa da abinci ko ya ce taso in saya maka. Wannan ya mayar da Sagir abin taimako, kuma dama abin da yake gudu ke nan. Ta uku ita ce ƙarin gaisuwa, yaya aiki, yaya baƙunta, wadda ya riga ya ji sau ashirin yau.

Abin da ke aiki shi ne Malam Tanimu ya nemi wani ɗan ƙaramin abu a wurinsa. Wanda aka roƙa shi ne mai bayarwa, don haka mutuncinsa yana nan. Kuma roƙo ba shi da shiryayyiyar amsa, dole mutum ya motsa, ya buɗe durowa, ya miƙa hannu. Duba:

"Salamu alaikum."

Sagir ya tura durowar da gwiwa. "Wa alaikumus salam. Sannunku, Malam. Bismillah."

"Alhamdulillahi." Malam Tanimu bai wuce ba. Ya tsaya riƙe da kwanonsa yana shinshina iska. "Samari, ƙamshin yaji nake ji. Kana da saura?"

"Akwai, Malam, sai dai ɗan kaɗan ne."

"Kaɗan ɗin nake so. Da yawa ai sai a kai ƙarata gida."

Lura da abubuwa biyu. An yi tayi an amsa kamar kullum, sannan aka rubuta "bai wuce ba". Waɗannan kalmomi uku su ne wurin da labarin ya juya, saboda duk wanda ya gabata wucewa yake yi. Na biyu, maganar kai ƙara gida ta bar wata 'yar ƙofa a buɗe. Sagir zai so ya san wa zai kai ƙarar, kuma me ya sa. Maganar farko mai kyau takan bar abin tambaya.

Mataki na bakwai: tafiyar da hirar

Kalmomi 600 na hira suna ɗaukar musayar magana goma sha biyu zuwa goma sha shida, tare da 'yan motsi a tsakani. Kowace magana kada ta wuce layi biyu. Da zarar wani ya yi layi biyar a jere, to ya koma wa'azi ko tarihin rayuwa.

A farko amsoshin Sagir gajeru ne: e, Malam, haka ne, wallahi kuwa. Malam Tanimu ne ke ɗauke da nauyin maganar. Ya jawo kujera ba tare da an ce ya zauna ba, ya ajiye kwanonsa a kan tebur, wanda hakan zai tilasta wa Sagir ya fito da kularsa daga durowa. Kada Malam Tanimu ya ce komai game da inda aka ɓoye ta. Ya gani, ya yi kamar bai gani ba, mai karatu kuma ya ga hakan.

Sai maganar gari ta shigo. A nan kana da wani makami da al'ada ta ba ka kyauta, wato wasan barkwanci tsakanin Kanawa da Zagezagi:

"Wannan yajin ba na Kano ba ne. Daga ina kake?"

"Zariya, Malam."

"Ashe! Bazazzagi aka kawo mana ya riƙe lissafi? To Allah ya tsare mana kuɗinmu."

Sagir ya ji dariya ta kuɓuce masa kafin ya tare ta. "Ai da Kanawa sun iya, Malam, da ba a aiko a ɗauko ni ba."

Wannan ita ce magana ta farko da Sagir ya yi wadda ba amsar ladabi ba ce, kuma barkwancin ne ya ba shi izinin mayar wa babba magana ba tare da rashin kunya ba. Amma a yi hattara da yawansa. Musaya biyu ta isa. Idan aka ci gaba, labarin ya zama wasan kwaikwayon ban dariya, mutanen biyu suka koma wakilan garuruwansu. Haka kuma sai ka tabbatar da cewa wasan yana nan da gaske tsakanin waɗanda ka haɗa. Fulani da Barebari akwai, Kanawa da Zagezagi akwai. Idan ka ƙirƙiro wanda babu, zolayar za ta zama cin fuska.

Bayan dariyar ka bar su su yi shiru su ci abinci na layi ɗaya ko biyu. Marubuta suna tsoron shiru a cikin hira, alhali mutum biyu da za su iya cin abinci tare ba magana sun riga sun fara sabawa.

Gwajin da zai nuna maka hirar ta yi aiki shi ne wannan: a kashi na ƙarshe, Sagir ne zai yi tambaya da kansa. "Malam, wa zai kai ƙarar taku?" Sai Malam Tanimu ya ba da labarin likita da gishiri da uwargida a layi biyu, cikin raha. Idan ka duba hirarka ka ga duk alamomin tambaya a bakin Malam Tanimu suke, to tambayoyin 'yan sanda ka rubuta, sai ka sake.

Abin da ba za a faɗa ba shi ma sai an tsara shi. Sagir ba zai ce ba shi da kuɗi ba. Malam Tanimu ba zai ce ya lura da shi tun makon jiya ba. Iyakar abin da zai iya faɗa shi ne, yana rufe kwanonsa: "Watan farko dogo ne. Ni nawa sai da na ɗauka ba zai ƙare ba." Wannan ya isa su fahimci juna. Karin magana kuma, idan za ta shigo, guda ɗaya ce kuma daga bakin dattijon. Zai iya cewa baƙo ko da ido makaho ne, sannan ya nuna masa wani abu mai amfani, kamar wanda ake gani idan ana son a sa hannu a takarda da wuri. Idan marubuci ne da kansa ya kawo karin maganar don ya fassara abin da ya faru, sai ta yi nauyi.

Game da "ya ce": idan mutum biyu ne kawai, ba sai an saka ta a kowane layi ba. Sau ɗaya a cikin musaya uku ko huɗu ya wadatar, sauran a gane mai magana ta motsinsa ko ta yadda yake kiran ɗan'uwansa. A guji jerin "ya faɗa cikin murmushi", "ya furta cikin sanyin murya". Murmushi ɗaya a duk labarin ya fi goma tasiri.

Mataki na takwas: inda za a tsaya

Sauyin da hira ɗaya za ta iya kawowa kaɗan ne, ƙarshen ma ya zama daidai da shi. Kada a tsallaka shekara biyar a nuna Sagir ya zama manaja yana tuna Malam Tanimu, kada kuma a rufe da darasin cewa ɗan alheri yana sauya rayuwa. Mai karatu ya riga ya gani.

Akwai wuraren tsayawa biyu da suka dace da misalinmu. Ko dai Malam Tanimu ya miƙe ya ce, "Gobe ka ce wa yayarka ta ƙara yajin, kuma sito ya fi nan iska," wanda gayyata ce da ba ta yi kama da gayyata ba. Ko kuma suna fita wanke hannu ya ɗaga murya ya ce wa mai abinci ga Bazazzaginsa nan, ta buɗe masa shafi. Na biyun ya fi ƙarfi idan ka ba littafin bashin wuri a farko, amma yana da haɗarin komawa taimakon da muka guje wa, sai dai idan an yi shi cikin zolaya. Zaɓi ɗaya. Haɗa su biyun yana sa ƙarshen ya yi zaƙi fiye da kima.

Mataki na tara: gyara

Ka ajiye rubutun kwana ɗaya ko biyu, sannan ka bi shi sau uku, kowane zagaye da abin da kake nema.

Zagayen farko na lokutan aiki ne. Jerin abubuwan da suka faru ɗaya bayan ɗaya ana ba da shi da "suka", "ta", "ya", "aka": suka fito, aka watse, ya koma. "Sun" da "an" na abin da ya riga ya faru ne kafin lokacin labarin: sun saba cin abinci a rumfar, an ɗauke shi aiki a farkon wata. Idan ka rubuta "sun fito daga masallaci, sun sa takalma, sun tafi" a tsakiyar fage, sai ya yi kama da rahoto. Wannan kuskure ya fi yawa a wurin da waiwaye ya haɗu da fagen yanzu, don haka ka duba sakin layin kwanakin baya da kyau.

Zagaye na biyu na ƙa'idar rubutu ne. A raba "ya ce", "ta ce", "shi ne", "ba ya". A sa haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, domin a wannan labarin musamman kalmomi irin su kaɗai da ƙofa da ƙoshi suna ta dawowa, kuma rashin lanƙwasa yana sa mai karatu tuntuɓe. Kowane mai magana ya samu sabon layi. Kalmomin ofis da mutane suke faɗa a bakinsu, irin su fayil, rasit, oga, sito, a rubuta su yadda ake furta su.

Zagaye na uku da baki ake yin sa. Ka karanta hirar da ƙarfi, ko ka ba wani ya karanta layukan Malam Tanimu kai ka karanta na Sagir. Duk layin da harshe ya sarƙe a kansa, ko wanda ka ji dattijon sito ba zai taɓa faɗa ba, a sauya shi. Yawanci su ne dogayen jumloli masu "sakamakon" da "duba da cewa" da "a halin da ake ciki", waɗanda na labaran rediyo ne, ba na mai cin shinkafa da wake ba. Daga nan sai ka ƙirga kalmomin kowane kashi ka gwada da rabon da ka yi a mataki na huɗu. Idan hirar ta gaza rabin labarin, ragin daga ɓangaren kaɗaici za a yi shi, kuma jumlolin da suka fara da "ya ji" su ne na farkon fita.